Katanga da Ƙofa a Cikin Gajimare: Yadda Ake Keɓe Kwamfutocin Haya

Abin da masu harkar kwamfuta ke kira gajimare manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, waɗanda kamfanoni irin su Amazon da Gugul da Maikurosof suka mallaka suna bayar da su haya ta intanet. A cikin gini ɗaya ana iya samun ayyukan banki da na asibiti da na ɗan ƙaramin shago duk suna gudana, wani lokaci ma a kan na'ura guda. Wayoyin da suka haɗa na'urorin na kowa ne. Don haka dole a sami dabarar da za ta hana saƙon wannan ɗan haya faɗawa hannun wancan. Dabarar ita ce a ba kowane ɗan haya keɓantacciyar hanyar sadarwa tasa, wadda manhaja ce ta shata iyakarta. A wajen Amazon da Gugul sunanta VPC, a wajen Maikurosof kuma VNet.

Ana yawan rikita VPC da VPN, wanda mutane ke sakawa a waya domin ɓoye inda suke. VPN ɓoyayyiyar hanya ce da ake bi daga wuri zuwa wuri. Shi kuwa VPC wurin zama ne, fili ne mai katanga da ake jera kwamfutoci a ciki. Amazon ta fito da nata a shekarar 2009, kuma daga 2013 duk sabon asusun da aka buɗe yana zuwa da VPC ɗinsa a shirye. Tsarin Amazon ɗin za a bi a wannan bayani, tare da misalin wani shago mai sayar da kaya ta intanet, wanda yake da shafin da masu saye ke buɗewa, da manhajar da ke lissafin ciniki, da rumbun bayanai inda sunayen masu saye da odarsu suke.

Shata fili: adireshi da yawansa

Kowace kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa tana da adireshi, wato lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 10.0.1.25. Kowace lamba daga 0 take zuwa 255. Aikin farko na mai gina VPC shi ne zaɓen jerin adireshin da filinsa zai ƙunsa. Ana rubuta jerin da adireshin farko, sai karan tsaye, sai wata lamba, kamar `10.0.0.0/16`. Wannan salon rubutu sunansa CIDR, kuma tun 1993 ake amfani da shi.

Lambar da ke bayan karan ita ke faɗin girman filin. A cikin na'ura, adireshi jerin gurabe 32 ne, kowane gurbi yana ɗauke da sifiri ko ɗaya, gurabe takwas ga kowace lamba cikin huɗun nan. Idan an rubuta /16, ana nufin gurabe 16 na farko a kafe suke, ba sa canzawa. Wato 10.0 ya zama sunan gidan gaba ɗaya, sauran lambobi biyun kuma su ake rabawa mazauna. Lambobi biyu masu zaɓi 256 kowacce suna ba da adireshi 65,536. Idan aka rubuta /24, lambobi uku ne a kafe, saura ɗaya, adireshi 256 ke nan. Ƙa'idar dai ita ce, duk lokacin da lambar bayan karan ta ƙaru da ɗaya, filin ya ragu da rabi. Amazon tana yarda a yanki fili daga /16, mafi girma, zuwa /28, mai adireshi 16 kacal.

Akwai jeri uku da aka ware wa amfanin cikin gida, bisa wata takardar ƙa'ida mai suna RFC 1918 da ta fito a 1996. Su ne `10.0.0.0/8` da `172.16.0.0/12` da `192.168.0.0/16`. Adireshin da ke cikin waɗannan jeri ba ya yawo a intanet, shi ya sa dubban kamfanoni za su iya amfani da 10.0.1.25 a lokaci guda ba tare da karo ba, kamar yadda ake samun ɗaki mai lamba ɗaya a kowane masauki. Wanda ya taɓa duba adireshin wayarsa a kan wai-fai na gida ya ga ya fara da 192.168 ya riga ya gamu da wannan tsari.

Zaɓen jerin yana bukatar hangen nesa. Idan wata rana shagon ya so haɗa VPC ɗinsa da kwamfutocin ofishinsa, ko da wani VPC, tilas jerin adireshin ɓangarorin biyu su bambanta. Amazon ba ta yarda a haɗa VPC biyu kai tsaye idan adireshinsu ya hau kan juna, domin saƙon da aka aika wa 10.0.1.25 ba zai san wane gida ake nufi ba. Gyaran wannan kuskure bayan an cika fili da kwamfutoci daidai yake da tashin gida.

Sabnet: raba filin gida-gida

Ba a ajiye kwamfuta a tsakiyar VPC haka kawai. Sai an yanka filin zuwa ƙananan sassa, kowane sashe da nasa jerin adireshi daga cikin babban jerin. Sashen shi ake kira sabnet, kuma duk kwamfutar da aka tayar sai an faɗi sabnet ɗin da za ta zauna.

Amazon ta raba cibiyoyinta zuwa yankuna, kamar yankin Kef Tawun na Afirka ta Kudu da aka buɗe a 2020, mai suna `af-south-1`. Kowane yanki kuma an raba shi shiyya-shiyya. Shiyya rukunin gine-gine ne mai nasa wutar lantarki da nasa na'urorin sanyaya wuri, nesa da sauran, ta yadda gobara ko ambaliya a wannan shiyya ba za ta taɓa waccan ba. VPC yana mamaye yankin gaba ɗaya, amma kowane sabnet a shiyya ɗaya tak yake zaune. Saboda haka mai son shagonsa ya ci gaba da aiki ko da shiyya guda ta faɗi, sai ya yi kowane irin sabnet sau biyu, ɗaya a nan, ɗaya a can. A tsarin Gugul abin ya ɗan bambanta, domin sabnet ɗinsu yana mamaye yanki sukutum.

Shagon misalin nan ya ɗauki `10.0.0.0/16`, ya yanka shi kamar haka:

```
10.0.1.0/24    af-south-1a
10.0.2.0/24    af-south-1b
10.0.11.0/24   af-south-1a
10.0.12.0/24   af-south-1b
10.0.21.0/24   af-south-1a
10.0.22.0/24   af-south-1b
```

Biyun farko na abubuwan da za su fuskanci jama'a ne. Biyun tsakiya na manhajar ciniki ne, biyun ƙarshe kuma na rumbun bayanai.

A lissafi kowane ɗayansu yana da adireshi 256, amma 251 ne kawai ake iya ba kwamfuta, domin Amazon tana riƙe biyar a kowane sabnet. A cikin `10.0.1.0/24`, adireshin 10.0.1.0 sunan sabnet ɗin ne kansa. Na 10.0.1.1 na mai ba da hanya ne, wato manhajar da ke karɓar saƙo ta tura shi gaba. Na 10.0.1.2 an ware shi wa aikin fassara sunayen shafuka zuwa adireshi, na 10.0.1.3 an ajiye shi don gaba, sai na ƙarshe, 10.0.1.255, wanda a hanyoyin sadarwa na gargajiya ake shela da shi ga kowa. A babban sabnet ba a jin asarar biyar ɗin. A sabnet mai /28 kuwa, cikin 16 saura 11, kuma da zarar sun ƙare, sabuwar kwamfuta ba za ta tashi ba. Ba a iya faɗaɗa sabnet bayan an ƙirƙire shi a Amazon, sai dai a yi wani sabo a kwashe kaya a koma. Shi ya sa masana ke yanka sassan da ɗan yalwa, su kuma bar sarari tsakaninsu, kamar yadda shagon ya tsallake daga 2 zuwa 11.

Teburin hanyoyi

Bayanai suna tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin wanda ya aiko da na wanda aka aika wa. Idan ƙunshi zai bar sabnet, mai ba da hanya yana duba adireshin inda za shi, sannan ya duba wani ɗan jadawali da ake kira teburin hanyoyi. Layukan teburin gajeru ne. Kowane layi yana cewa, ƙunshin da za shi jeri kaza, a miƙa shi ga kaza.

Duk teburin da aka ƙirƙira yana zuwa da layi guda a rubuce:

```
Destination    Target
10.0.0.0/16    local
```

Ma'anarsa, duk ƙunshin da za shi wani adireshi na cikin VPC, a kai shi kai tsaye a cikin gida. Wannan layi ba ya goguwa. Saboda shi ne sabnet shida na shagon suke iya kai wa juna saƙo tun ranar farko. Wannan ya nuna cewa raba kwamfutoci sabnet-sabnet shi kaɗai ba ya hana su magana da juna. Hana su aikin masu gadi ne, waɗanda bayaninsu ke tafe. Idan kuma ƙunshi ya nufi adireshin da babu layin da ya dace da shi, jefar da shi ake yi, ba tare da sanarwa ba.

Kowane sabnet tebur ɗaya yake bi, amma tebur ɗaya yana iya yi wa sabnet da yawa aiki. Akwai kuma babban tebur da ke zuwa tare da VPC. Duk sabnet ɗin da ba a ɗaura shi a kan wani tebur da gangan ba, babban teburin yake bi.

Idan layi biyu suka dace da ƙunshi ɗaya, wanda ya fi ƙayyade wuri shi ke yin nasara, wato mai lamba mafi girma a bayan kara. Jerin `0.0.0.0/0` ba shi da gurbi ko ɗaya a kafe, don haka ya dace da kowane adireshi a duniya, kuma shi ne mafi rauni. Ana komawa gare shi ne idan babu wani layin da ya dace. Ƙunshin da za shi 10.0.21.8 ya dace da /0 ya kuma dace da /16, sai /16 ya ɗauke shi, ya tsaya a gida. Jeren layukan a kan allo, wane ne a sama wane ne a ƙasa, ba shi da tasiri.

Sabnet na fili

Sabon VPC da mutum ya gina da hannunsa katanga ce ba ƙofa. Kafin wani abu ya shiga ko ya fita zuwa intanet, sai an ƙirƙiri ƙofar intanet, wadda a allon Amazon ake gani da sunan Internet gateway, an manna ta a jikin VPC. Ƙofa ɗaya ake manna wa kowane VPC. Manna ta kaɗai bai buɗe komai ba, sai an rubuta layin da ya nufe ta a cikin wani tebur:

```
Destination    Target
10.0.0.0/16    local
0.0.0.0/0      igw-0a1b2c3d
```

Duk sabnet ɗin da ke bin tebur mai irin wannan layi na biyu shi ne sabnet na fili. Wanda teburinsa ba shi da layin da ya nufi ƙofar intanet kai tsaye shi ne sabnet na ciki. Iyakar bambancin ke nan. Babu wani maɓalli da ake dannawa a ce wannan na fili ne. Sunan da mutum ya raɗa wa sabnet ma ba ya canza komai: ko an rubuta masa “na ciki” da manyan baƙaƙe, muddin teburinsa yana nuna ƙofar intanet, a bakin titi yake.

Tsarin ya yi kama da gidan Bahaushe. Zaure yana fuskantar titi, baƙo yana iya tsayawa a nan ya yi sallama. Cikin gida kuwa sai ta zaure ake isa gare shi, kuma ba kowa ke wucewa ba. Shagon ya ɗaura sabnet ɗinsa biyu na farko a kan wannan tebur, sun zama zaurensa.

Zama a sabnet na fili bai isa ya sa a ga kwamfuta daga waje ba. Sai ta sami adireshi na fili, wanda intanet ta sani, ƙari a kan nata na cikin gida. Kwamfutar kanta ba ta san wannan adireshi na biyu ba. Ƙofar intanet ce ke riƙe da lissafin: idan ƙunshi zai fita, ta cire adireshin ciki ta sa na fili, idan zai shigo ta mayar. Don haka sharuɗɗa uku ne sai sun cika kafin baƙo ya isa ga kwamfuta: layin ƙofa a tebur, da adireshi na fili, da izinin mai gadi. Idan ɗaya ya ɓace, hanya ta yanke. Kwamfutar da aka ba adireshi na fili alhali tana sabnet na ciki ba za ta amsa wa kowa ba, domin amsarta ba ta da hanyar fita. Adireshin fili kuma ba kyauta ba ne: tun 1 ga Fabrairun 2024 Amazon ke karɓar dala 0.005 a kowace awa a kan kowane ɗaya.

A zauren shagon ba a ajiye manhajar ciniki ba. Abin da aka ajiye shi ne mai rarraba baƙi, wata na'urar Amazon da ke karɓar buƙatun masu saye ta raba su ga kwamfutocin ciki. Mai saye yana magana da mai rarrabawa, shi kuma ya buɗe sabuwar magana da kwamfutar da ke 10.0.11.25. Wannan magana ta biyu daga adireshin gida take zuwa adireshin gida, layin `local` ya ishe ta zuwa da dawowa. Ta haka kwamfutar da ba ta da ƙofa zuwa intanet take yi wa dubban masu saye aiki ba tare da ɗayansu ya san adireshinta ba.

Sabnet na ciki da ɗan aike

Kwamfutocin ciki su ma suna da buƙatar waje. Manhajar ciniki tana son sauko da gyare-gyaren tsaro, tana kuma son tuntuɓar kamfanin da ke karɓar kuɗi ta kati. Abin da ake so shi ne ta iya fara magana da waje ta sami amsa, amma na waje ya kasa fara magana da ita. Mai yin wannan aiki shi ne ƙofar NAT, wadda Amazon ta fara bayarwa a shirye a ƙarshen 2015. Matsayinta na ɗan aike ne. Mai sana'a a cikin gida takan aiki yaro kasuwa, ya sayo ya kawo, ’yan kasuwa yaron suka gani, ba su ga wadda ta aiko shi ba.

Ita ƙofar NAT a sabnet na fili ake ajiye ta, a ba ta adireshin fili na dindindin. Sai a rubuta wa sabnet na ciki nasu tebur:

```
Destination    Target
10.0.0.0/16    local
0.0.0.0/0      nat-0f9e8d7c
```

A ɗauka kwamfutar 10.0.11.25 za ta tuntuɓi kamfanin karɓar kuɗi a adireshin 198.51.100.7. Mai ba da hanya ya duba tebur, adireshin ba na gida ba ne, sai layi na biyu ya miƙa ƙunshin ga ƙofar NAT da ke zaune a 10.0.1.50. Ita kuma ta goge adireshin mai aikowa ta sa nata, ta rubuta a littafinta cewa wannan magana ta 10.0.11.25 ce. Yanzu ƙunshin yana sabnet na fili, teburin can ya tura shi ƙofar intanet, wadda ta sa masa adireshin fili na NAT, a ce 203.0.113.10, ya fita. Kamfanin karɓar kuɗi 203.0.113.10 kawai ya gani, kuma can zai aika amsa. Da amsar ta iso, NAT ta duba littafinta ta miƙa wa mai ita. Ƙunshin da ya zo daga waje ba tare da an aika neman sa ba, babu sunansa a littafi, sai a yar da shi.

Wannan tsari yana da wata fa'ida ta gefe. Tunda duk kwamfutocin ciki da adireshi ɗaya suke fita, shagon yana iya ba abokin hulɗarsa wannan adireshi ya sa a jerin waɗanda ya amince da su. Yana kuma da iyakoki. Maganar da ta yi shiru na daƙiƙa 350 NAT tana share ta daga littafi, don haka manhajar da ke buɗe layi ta bar shi a buɗe na dogon lokaci takan tarar ya yanke. Ƙofar NAT da aka ajiye a sabnet kuma a shiyyar sabnet ɗin take zaune. Idan shiyyar ta faɗi, duk wanda ya dogara da ita ya rasa hanyar fita, ko da shi yana shiyya mai lafiya. Maganin shi ne NAT ɗaya a kowace shiyya, da tebur dabam ga sabnet na ciki na kowace shiyya.

Sai batun kuɗi. Ana biyan NAT a kowace awa, ana kuma biyan kowane gigabait da ya ratsa ta. A yankin `us-east-1` na Amurka farashin da aka daɗe ana biya shi ne dala 0.045 a awa da dala 0.045 a gigabait, wato wajen dala 32 a wata ko ba a aika komai ba, da ƙarin dala 45 a kan kowane gigabait 1,000. Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne wajen ajiye hotuna da fayiloli a ma'ajiyar Amazon mai suna S3. Adireshinta na fili ne, don haka ƙunshin da za shi can ta NAT yake bi, ana caji. Akwai gajeriyar hanya ta kyauta mai suna Gateway endpoint, wadda ke ƙara layi a tebur mai ɗauke da jerin adireshin S3. Tunda wannan layi ya fi `0.0.0.0/0` ƙayyade wuri, shi ke ɗauke ƙunshin, NAT ta huta.

Rumbun bayanan shagon kuwa ba shi da abin nema a waje. Teburin sabnet ɗinsa layin `local` kaɗai ke ciki. Irin wannan shi ake kira killataccen sabnet. Ko ɓarawo ya sami shiga rumbun, ba shi da hanyar tura bayanan kai tsaye zuwa intanet daga nan, sai ya nemi wata kwamfutar da zai bi ta kanta.

Masu gadi

Tebur yana faɗin inda hanya ta bi, amma ba ya tantance wanda zai wuce. Tantancewa aikin masu gadi biyu ne. Na farko, Security group, a jikin kwamfuta yake tsaye. Ƙa'idojinsa na izini ne zalla, duk abin da ba a ambata ba an hana shi. Yana kuma da tuni: idan ya bar magana ta shiga, amsarta za ta fita ba sai an sake neman izini ba. Shagon ya ba mai rarraba baƙi izinin karɓar kowa ta mashiga mai lamba 443, wadda shafuka masu tsaro ke amfani da ita. Kwamfutocin ciniki daga mai rarrabawa kawai suke karɓa, rumbun bayanai kuma daga kwamfutocin ciniki kawai.

Na biyu, Network ACL, a bakin sabnet yake. Yana iya ba da izini, yana iya hanawa, yana bin ƙa'idojinsa daga ƙaramar lamba zuwa babba, ya tsaya a ta farko da ta dace. Shi ba shi da tuni, kowane ƙunshi baƙo ne a wurinsa. Wanda ya buɗe 443 don shigowa ya manta buɗe mashigai 1024 zuwa 65535 don fitar amsa zai ga buƙata tana shiga, amsa ba ta dawowa.

Inda ake yin tuntuɓe da yadda ake ganewa

Kuskure mafi haɗari shi ne rubuta layin ƙofar intanet a cikin babban tebur. Daga ranar, duk sabon sabnet da aka manta ba a ɗaura shi a kan wani tebur ba ya zama na fili, ba tare da kowa ya nufa ba. Hanya mafi aminci ita ce a bar babban tebur da layin `local` kaɗai, domin mantuwa ta kai ga rufewa. VPC ɗin da Amazon ke bayarwa a shirye, mai jerin `172.31.0.0/16`, akasin haka yake: duk sabnet ɗinsa na fili ne, kuma kwamfutar da aka tayar a ciki tana samun adireshin fili kai tsaye. Ya dace da gwaji, bai dace da rumbun bayanan masu saye ba.

Kuskure na biyu shi ne ajiye NAT a sabnet na ciki. Ɗan aiken da aka kulle a ɗaki ba ya zuwa kasuwa. Alamarsa ita ce komai yana nuna lafiya a allo, amma kwamfutocin ciki ba sa iya sauko da komai. Na uku shi ne goge NAT a bar layin da ke nuna ta. A nan teburin kansa yana tona asiri, domin matsayin layin yana komawa `blackhole`, wato duk ƙunshin da ya bi shi ya faɗa rami.

Yanayin gazawar ma yana nuna inda matsala take. Idan aka gwada haɗi aka sami `Connection refused` nan take, yawanci ƙunshin ya isa kwamfutar, manhajar ce ba ta saurare a wannan mashiga. Idan kuwa aka yi ta jira har `Connection timed out` ya fito, an yar da ƙunshin a hanya, sai a duba tebur da masu gadi. Mai bincike yakan fara da tambayar wane tebur sabnet ɗin yake bi a zahiri, sannan layin `0.0.0.0/0` ina ya nufa, sannan ko akwai adireshin fili, sannan masu gadi. Rajistar zirga-zirga mai suna VPC Flow Logs tana taimakawa a matakin ƙarshe, domin tana rubuta `REJECT` a gaban duk maganar da mai gadi ya hana.

Sabon tsarin adireshi na IPv6 yana da nasa layi, `::/0`, wanda ake rubutawa dabam. Adireshin IPv6 da Amazon ke rabawa na fili ne tun asali, don haka sabnet na ciki yana amfani da ƙofa mai fita kawai, Egress-only internet gateway, a madadin NAT. Mai duba ko sabnet na fili ne ko na ciki sai ya karanta layukan biyu, `0.0.0.0/0` da `::/0`. Idan ɗayansu ya nufi ƙofar da sunanta ya fara da `igw-`, sabnet ɗin na fili ne.